Wa Kake Rama Wa?

Duk wanda ya taso a Hausari ta Nguru ko a Zangon Gashuwa ya san asara ba baƙuwar ɗan kasuwa ba ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 iyayenmu ke sayen gyaɗa, fata, ƙaro da busasshen kifi, wata shekara a ci, wata a faɗi. Sai dai kasuwarsu tana tashi. Wanda ya faɗi a wake yau, dole ya koma gida ya kwana da abin, ya jira kasuwa ta sake ci. Kafin nan zuciya ta huce. Kasuwar da samarinmu ke ci a waya yanzu, ta foreks da kirifto, ba ta ba mutum wannan sararin. Foreks tana buɗe dare da rana daga Litinin zuwa Juma'a, kirifto kuwa ko ranar Sallah ba ta rufewa. Shi ya sa tambayar nan ta taso: in ka yi asara, ranka ya ce koma yanzu ka ƙwato kuɗinka, wa ya kamata ka saurara, kai na yanzu ko kai na ɗazu?

Mu ɗauki misali. A ce saurayi yana da dala 200 a asusunsa, yana cinikin zinariya, wadda ake rubutawa XAUUSD a MetaTrader. Da safe, hankalinsa kwance, ya yanke cewa ba zai sa fiye da kashi 2 cikin ɗari a ciniki ɗaya ba, wato dala 4. Ya saya da 0.01, wanda a yawancin dillalai daidai yake da oza ɗaya, don haka duk motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce gare shi. Ya sa Stop Loss, wato iyakar da ciniki zai rufe kansa in farashi ya juya masa baya, dala 4 ƙasa da inda ya shiga. Farashi ya sauko, ya taɓa iyakar, ciniki ya rufe. Saura 196. Har nan babu laifi, shingen ya yi aikin da aka kafa shi domin shi.

Matsalar ita ce minti biyar da ke biye. Farashi ya ɗan ɗaga, sai ya ji kamar da gangan aka yi masa. Ya koma da 0.05, don ya mayar da dala huɗun nan da sauri. Farashi ya sake saukowa dala 4, wannan karon dala 20 ta tafi, saura 176. Yanzu ransa ya ɓaci sosai. Ya shiga da 0.10, ya ƙi sa iyaka ma, wai ita ce ke cutarsa. Zinariya ta sauka dala 9, abin da takan yi cikin ɗan lokaci in labari ya fito daga Amurka. Dala 90 ta tafi, saura 86. Asarar dala 4 ta zama 114, kuma sai ya ci ribar kusan kashi 133 cikin ɗari kafin ya koma inda yake da safe. Garin neman ƙiba an samo rama.

To wa ya rama wa? Ramuwa tana bukatar wanda ya yi maka laifi, kuma wanda zai ji zafi in ka rama. Kasuwa ba ta san sunansa ba, ba ta san dala huɗunsa ba. Bugun da ya kai duk a aljihunsa ya sauka. In aka duba da kyau, ba kuɗin yake bi ba, don dala 4 ba ta isa ta hana shi barci ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce hasashensa bai yi daidai ba. Girman kai ne ya sa rigar kasuwanci. A nan ne kuma iyaka tsakanin ciniki da caca ke gogewa, domin shigar farko tana da dalili daga farashi, ta biyu da ta uku kuwa dalilinsu yana cikin ƙirjinsa.

Kada a ce halin ƙananan yara ne. Masana biyu, Coval da Shumway, sun wallafa bincike a 2005 kan ƙwararrun 'yan kasuwar Chicago, suka ga waɗanda suka yi asara da safe sun fi ɗaukar kasada da rana. Nick Leeson kuma, a Singapore, ya yi ta ƙara zubi don rufe asarar da ya ɓoye, har ta kai fam miliyan 827, bankin Barings ya rushe a 1995 bayan shekara fiye da 200 yana aiki.

Maganin da aka sani shi ne dokar hucewa, kuma sai an rubuta ta kafin a shiga kasuwa. Siffarta mai sauƙi ce. In iyaka ta taɓu, ka rufe manhaja, ka ajiye waya awa ɗaya cur. In ta taɓu sau biyu a rana, an tashi sai gobe. Kuma bayan asara ba a ƙara girman zubi ko kaɗan. Da saurayin nan ya bi ta, mafi munin ranarsa dala 8 ce, ya kwana da 192. Wanda bai yarda da kansa ba, Binance tana da Cooling-off Period da ke kulle masa ɓangaren Futures na lokacin da ya zaɓa. Wani kuma ɗan'uwansa yake ba wa wayar. Kafin ka koma, tambayi kanka: da ban yi asara ɗazu ba, zan shiga wannan cinikin, da wannan girman? In amsar a'a ce, ramuwa ce.

Wani zai ce, “Malam, ai sau da yawa farashin na dawowa, dokarka ta sa na rasa riba.” Gaskiya ne, wani lokacin za ka rasa. Amma a auna biyun. Abin da hucewa ke ci maka shi ne ciniki ɗaya, kasuwa kuwa tana nan gobe. Abin da ramuwa ke ci shi ne jarin da za ka zo da shi goben. Wani kuma zai ce ɗaure kai tsoro ne, namiji shi ke yanke hukunci nan take. Ai ko alƙali an hana shi yanke hukunci yana cikin fushi, ba don bai da ilimi ba, sai don fushi yana rufe ilimin. Kasuwar hannun jari ta New York ma tana tsayawa minti 15 in ta faɗi kashi 7 cikin ɗari a tsakiyar yini. Kai na safe ya fi kai na bayan asara gani, don haka bin dokarsa biyayya ce ga hankalinka.

Sai dai dokar tana da iyakarta. Ba ta mayar da mummunar dabara ta zama mai riba, jinkirta faɗuwa kawai za ta yi. Ba ta aiki ga wanda ya yi awarsa yana kallon farashi a wayar abokinsa, ko ya buɗe asusu na biyu. Kuma in kuɗin na bashi ne, ko na adashin mahaifiya, awa ɗaya ba za ta huce da komai ba, domin abin da ke tura shi baya jiransa a gida. Irin wannan ba hutun awa yake bukata ba. Ya fitar da abin da ya rage, ya je ya faɗa wa mai kuɗin gaskiya tun da sauran abin mayarwa.