Raha Tsakanin Taubasai: Ina Iyakarta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, daga Tibirin Gobir da Gidan Rumji har Agye da Gazawa, mun gaji wasan taubasantaka: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, ɗan mace da ɗan namiji. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya. Sai dai al'ada ba ta halatta abin da Allah Ya haramta. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hane mu yi wa juna izgili, da aibatawa, da jifa da miyagun laƙabobi.

Manzon Allah (S.A.W.) yana raha, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutum ya roƙe shi abin hawa, sai ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamaki, sai ya tunatar da shi cewa kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Babu ƙarya, kuma ba a taɓa mutuncin kowa ba.

Mu ɗauki misali. Bazabarme ya iske Bagobiri a kasuwa, ya ce: "Bawana, taso ka ɗauki kayan ubangidanka!" Bagobiri ya amsa: "Yaushe bawa ya fara aiken sarki?" Kowa ya yi dariya, domin maganar ta tsoffin kakanni ce, kuma kowannensu yana da abin ramawa. Amma idan ya ƙara da cewa: "Sarkin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, yana yawon bashin hatsi?" to ya bar wasan ƙabila, ya taɓa asirin gidan mutum a bainar jama'a. Wannan izgili ne, ko da taubashi ne ya faɗa. Haka nan ambaton rashin haihuwa, ko nakasa, ko sakin aure.

Ta yaya za mu gane mun ƙetare iyaka? Kada mu auna da dariyar ƴan kallo. Mu dubi fuskar wanda muka zolaya. Idan ya mayar da magana da sakin fuska, wasa ne. Idan ya yi murmushin yaƙe, ya sunkuyar da kai, ya kasa ramawa, to mun soke shi. Nan take mu yi shiru, daga baya mu same shi a keɓe mu nemi gafara. Kada mu ce masa "ba ka san wasa ba", domin wannan fama miki ne.

Allah Ya tsare harsunanmu, Ya ƙara mana zumunci. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.