Nasiha Kan Rabon Kuɗin Jinyar Iyaye Tsakanin 'Yan'uwa

Jinyar mahaifi, idan ta yi tsawo, takan gwada zumuncin 'ya'yansa, musamman a ciwon ƙoda da ya kai ga wanki, wato tace jinin majinyaci da na'ura sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan hidima ba ta da ranar ƙarewa, don haka gidan da ya dogara ga karo-karon gaggawa yakan gaji cikin 'yan watanni, daga nan kuma zargi ya shigo.

Abin da ya kamata al'umma ta gane shi ne, adalci a nan ba ya nufin a raba kuɗin kai da kai. Malaman Malikiyya sun wajabta nafaƙa, wato ɗaukar nauyin buƙatun iyaye marasa hali, a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, sannan sun kawo ra'ayi uku kan rabonta: bisa yawan kawuna, ko bisa kason gado, ko bisa wadatar kowa. Ra'ayi na uku shi ne Shehu Dardir ya zaɓa, kuma shi ya fi dacewa da kuɗin magani, domin da shi ne kowa zai iya ɗorewa. Wadata kuwa ita ce abin da ya rage wa mutum bayan ya ciyar da iyalinsa, ya biya haya da kuɗin makarantar yara.

A ƙaddara cewa jinyar wani dattijo tana cin naira 400,000 a wata, wato 320,000 na wanki takwas, da 80,000 na allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota, kuma yana da 'ya'ya huɗu: ɗan kasuwa mai rarar 600,000, da ma'aikaci mai rarar 150,000, da mai tuƙa adaidaita mai rarar 50,000, da 'ya mace da ba ta da sana'a. Idan aka yanka wa kowa 100,000, an ɗora wa mai adaidaita ninki biyu na abin da yake da shi, ita kuwa an tura ta roƙon miji. Amma tun da jimlar rarar 800,000 ce, buƙatar kuma rabinta ce, sai kowa ya ba da rabin tasa: 300,000 da 75,000 da 25,000. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ita kuma wadda take kai shi asibiti tun asuba, ta zauna a gefen gado har a cire masa allurai, ta dafa masa abinci mai ƙarancin gishiri, ta auna masa ruwan sha, ta riga ta biya nata kason da jikinta, kuma zalunci ne a ce da ita ba ta kawo komai ba.

Akwai matakai da suke toshe ƙofar zargi tun kafin ya shigo. Na farko, a fara da dukiyar mahaifin idan yana da ita, kuma kada a sayar masa da gona ko fili sai da yardarsa a gaban shaidu. Na biyu, a naɗa ma'aji guda, ya riƙe littafi da rasitai, ya nuna wa kowa lissafi a ƙarshen wata, domin kuɗin da ba a rubuta ba shi ke haifar da zato. Na uku, wanda ya ba da fiye da kasonsa ya faɗa tun a ranar ko kyauta ce ko rance, saboda shirun yau shi ke zama rigima ranar rabon gado, balle a gidan da ake da 'yan uba.

Ana gane tsari ya fara lalacewa idan wani ya daina ɗaga waya, ko aka tsallake ranar wanki ana jiran kason wanda bai kawo ba, alhali ruwa yana taruwa a jikin dattijon, ƙafafunsa suna kumbura, numfashi yana yi masa wuya. A irin wannan hali, mai hali ya cike giɓin nan take, a sake zama daga baya a duba ko samun ɗan'uwan ne ya ragu. Mai bayarwa da yawa ya kiyayi gori, domin Suratul Baƙara ta bayyana cewa gori yana ɓata ladan kyauta, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya kiyayi ɓoye samunsa.

A ƙarshe, kada a yi lissafin nan a kunnen majinyaci. Dattijon da ya ji 'ya'yansa suna cacar baki a kan kuɗin wankinsa yakan ce a mayar da shi gida ya gaji da asibiti, alhali ba asibitin ne ya gajiyar da shi ba.