Fatiha: Daga Yabon Allah Zuwa Ganawa da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai salla yana karanta Fatiha sau 17 a farillan yini ɗaya, ban da nafilfili da wuridi. Abin da harshe ya saba da shi haka, zuciya takan sake masa ragama. Shin wanda ya furta magana a gaban Ubangijinsa, alhali halinsa yana ƙaryata ta, ya faɗi gaskiya?

A ƙirgar mutanen Madina, wadda allunan makarantun Damagaram da Maraɗi suke bi a ruwayar Warshu, ayoyin bakwai ne ba tare da Bisimilla ba. Hadisin Ƙudusi da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya nuna cewa Allah Ya raba surar tsakaninSa da bawanSa. Uku na farko yabonSa ne, uku na ƙarshe roƙon bawa ne, ta tsakiya kuwa tarayya ce.

Aya ta ɗaya ta mayar da dukkan yabo ga Ubangijin talikai. Kalmar Rabbu tana ɗauke da ma'anar reno, wato Mai raya abu daki-daki har ya kai kamalarsa. Idan aka yabi muridi saboda kyan muryarsa a da'irar zikiri, ayar tana gaya masa cewa kayan aro ne a jikinsa.

Ta biyu ta ambaci rahama da sunaye biyu. Malamai da yawa sun fassara na farko da rahamar da ta game kowa a duniya, kamar ruwan damina da ke sauka a gonar mai salla da ta wanda ba ya yi. Na biyun shi ne jin ƙan da aka keɓance muminai da shi.

Ta uku ta kawo ranar sakamako. A Warshu ana karanta kalmar farko da ma'anar Sarki, a Hafsu kuwa da ma'anar Mamallaki. An jera ta bayan rahama domin fata ya samu tsoron da zai daidaita shi.

Har zuwa nan bawa yana magana ne a kan Allah, yana cewa Shi. A aya ta huɗu sai zance ya juya, ya fuskance Shi da Kai. Malaman balaga suna kiran wannan iltifati, masu tarbiyya kuwa suna ganin fita ce daga gaiba zuwa halara. Bawa ya keɓe bauta ga Allah kaɗai, domin kada riya ta shige ta. Nan take ya keɓe neman taimako gare Shi, domin kada ya ɗauka da ƙarfinsa ya yi bautar, ya faɗa cikin jiji da kai.

A nan ne amsar tambayar take. A ƙaddara wani mai sayar da gero a kasuwa yana da tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa. Ya rufe rumfa, ya yi alwala, ya tsaya azahar. A raka'a huɗu ya shaida sau huɗu cewa akwai ranar sakamako, ya kuma ce taimakon Allah kaɗai yake nema, alhali dogaronsa na gaskiya yana ga ƙaramar tiyar nan. Ta fuskar fiƙihu sallarsa ta inganta, ba za a ce ya sake ba. Amma da'awarsa ba ta samu shaida ba. Alamar cewa ayar ta kai zuciya ba hawaye ba ne, sai dai ya koma rumfa bayan sallama ya jefar da tiya ɗaya.

Saboda sanin wannan rauni ne aya ta biyar ta zama roƙon shiriya zuwa miƙaƙƙiyar hanya. Wanda ya riga ya musulunta yana roƙon tabbatuwa da ƙari ne, gama kowace safiya tana zuwa da nata mararrabar. Roƙon kuma da lafazin jam'i ya zo, ko mutum shi kaɗai yake salla a ɗaki. Mai riƙe da gaba da ɗan'uwansa na sahu yana roƙa masa shiriya da bakinsa, ko ya so ko ya ƙi.

Ta shida ta bayyana hanyar da mutanen da suka bi ta, waɗanda aka yi wa ni'ima. Aya ta 69 ta Suratun Nisa'i ta lissafa su: annabawa, siddiƙai, shahidai da salihai. Daga nan ma'abota ɗariƙa suke fahimtar muhimmancin zama da mutanen kirki.

Ta bakwai ta nemi tsari daga ramuka biyu: sanin gaskiya a ƙi aiki da ita, da yin aiki ba tare da sani ba. Ɗalibi mai tarin littattafai ya fi kusa da na farko, mai yawan wuridi da bai koyi hukuncin alwala ba ya fi kusa da na biyu.

Magani mai sauƙi shi ne mai salla ya tsaya a ƙarshen kowace aya gwargwadon numfashi ɗaya, kamar mai sauraron amsa, domin hadisin ya nuna ana amsa masa. Allah Ya azurta ƴan'uwa da harshen da zuciya take gaskata shi, albarkar Annabin rahama, amin.