Kura, Akuya Da Damin Harawa

Ya kai mai karatu, ga wata wasa ƙwaƙwalwa da yara ke yi wa juna da dare. Ni kam ina ganin manya sun fi buƙatarta.

A ce mutum ne ya zo bakin Gulbin Sakkwato, ƙasa da madatsar ruwa ta Bakalori wajen Maradun, yana tafe da kura da akuya da damin harawa. Kwalekwalen ba ya ɗaukar komai sai shi da abu guda. In ya ba da baya, kura ta cinye akuya, ko akuya ta cinye harawa. To, yaya zai yi?

Kada ka ce sai ka hango ƙarshen tafiya. Tambayi kanka: me ya zama tilas yanzu-yanzu? In ya fara da kura, harawa ta tafi. In ya fara da harawa, akuya ta tafi. Ashe akuya ce tilas, don kura ba ta cin harawa. Ya kai ta, ya dawo, ya ɗauko kura.

Nan fa ake cijewa. Ya bar kura da akuya a ƙetare? Haba! Sai mutum ya yi ta juya lissafi har ya ce abin ba shi da amsa. Alhali wani sharaɗi ne ya ƙara da kansa, wai abin da aka ƙetarar ba a dawowa da shi. Wa ya faɗi haka? Babu. Da ka cire shi, hanya ta buɗe: ya ajiye kura, ya dawo da akuya, ya kai harawa, ya dawo, ya ɗauki akuya. Ƙetarawa 7, kowa lafiya.

Me ke hana mu ganin wannan? A ganina girman kai ne. Dawowa da akuya kamar rushe aikin da aka gama ne, rai kuwa ba ya son haka.

Abin ya wuce wasa. A ce ɗan kasuwa ya ɗauko shinkafa daga Bakura zuwa kasuwar Talata Mafara. Da yamma ya ƙirga kuɗin buhu 40 sau biyar, ba su cika ba, har ya fara hararar yaronsa. Ƙirga na shida ba zai haifar da komai ba. Ƙaramar tambaya ita ce: giɓin nawa ne? In ya yi daidai da kuɗin buhu 2 cif, to a koma farko. Wa ya ƙirga buhunan da aka loda? Wataƙila 38 ne tun asali. Ba a ce wannan ya wanke kowa ba, amma ya nuna inda za a duba kafin a ɗauki alhakin ɗan mutane.

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ɗauki kaɗan, ka tabbatar, sannan ka ƙara. Allah Ya sa mu dace.