"Kai ne" ko "shafi na 9 ne"? Tunani kan gyara wa abokin aiki

A wannan shekarar malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya naɗi hira da wani dattijo, ya rubuta ta kamar yadda ta fito daga bakin mai ita. Mu mun samu wata tsohuwa ƴar Adar, daga wajen Tawa, ta yi mana minti 40 tana ba da labarin yunwa da cirani. Rubutawa ta faɗa kan wani abokin karatunmu da ya girme ni nesa, mushen lakwal ne da ya dawo jami'a ƙaro ilimi. Dubawa kuma ta faɗa kaina. Da na karanta shafi 15 ɗin da ya kawo, raina ya ɓaci, na ɗauki salula na rubuta masa:

"Malam, gaskiya wannan aikin ba shi da kyau ko kaɗan. Kullum haka kake, ba ka kulawa. Ka ɓata mana hirar gaba ɗaya. Sai an sake."

Allah ya taimake ni kuɗin salulata suka ƙare, saƙon bai tafi ba. Da safe na sake karanta shi da idon ɗalibar ilimin harshe, sai kunya ta kama ni. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: in na sake rubuta shi, gaskiya zan gyara, ko kuwa tsoro ne zai sa in yi mata kwaskwarima?

Mu fara da nahawun saƙon. "Kullum haka kake" ba labarin wani abu da ya faru ba ne, hukunci ne a kan hali. Hausa tana da hanya mai sauƙi ta mai da aiki ya zama mutum: wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, da ka ce masa maƙaryaci, ka liƙa masa ita har abada. To shi wanda aka ce wa "ba ka kulawa", me zai yi da wannan magana? Ba shi da shafin da zai buɗe ya gyara. Abu biyu ne suka rage masa, ko ya yarda shi mutumin banza ne, ko ya tashi kare kansa. Kowanne ya zaɓa, hirar tsohuwa tana nan yadda take. Kuma "kullum" ɗin nan ƙarya ce tsagwaronta, don wannan ne aikinmu na farko tare.

Sai na koma kan takardun da bik a hannu, ina sauraren hirar ina ƙirga. Abin da na kira "ba shi da kyau ko kaɗan" ya rabu gida biyu kawai. Na farko, ya mai da maganar tsohuwar zuwa daidaitacciyar Hausa: inda ta ce "sunka tahi" ya rubuta "suka tafi", "shina" ya koma "yana", "biyat" ta koma "biyar". Na ƙirga wuri 23. Na biyu, haruffa masu lanƙwasa sun ɓace a wuri 31, kuma kusan dukkansu a shafuka huɗu na ƙarshe. A shafi na 13, "baƙi sun cika gari" ya zama "baki sun cika gari".

Ƙirgar nan ta koya mini wani abu da ban zata ba. Ba ta sassauta sukar ba, ƙara mata kaifi ta yi, amma ta juya bakin wuƙar daga mutum zuwa takarda. Ta kuma tilasta mini ganin abin da fushi ya rufe: bai tsallake jimla ko ɗaya ba, kuma ya sa minti da daƙiƙa a gefen kowane sakin layi, abin da ya sa dubawar ta zo mini da sauƙi.

Daga nan maganar adalci ta shigo. Na tambayi kaina: yaushe muka zauna muka ce a bar karin harshen yadda yake? Ba mu taɓa ba. Ni na ɗauka kowa ya sani. Shi kuwa mutum ne da ya yi shekaru yana gyara wa yara rubutu da jan bik. A wurinsa mai da "sunka" zuwa "suka" kulawa ce, ba sakaci ba. Ke nan abin da na zarge shi da rashinsa, shi ne ma ya jawo kuskuren. Rabin laifin na rukuni ne, har da ni. Ga abin da na aika a ƙarshe:

"Malam, ina kwana, ya gajiya? Na duba rubutun tare da sauraren hirar. Babu jimlar da ta faɗi, kuma lokutan da ka sa a gefe sun taimaka mini sosai. Abu biyu ne ke son gyara kafin Alhamis. Na ɗaya, a wuri 23 ka mai da karin Adar zuwa daidaitacciya, misali shafi na 9, minti 22, ta ce 'sunka tahi'. Tunda karin harshen muke nazari, in ya ɓace ba mu da abin nazari. Laifinmu ne da ba mu tsai da wannan tun farko ba. Na biyu, ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace daga shafi na 12 zuwa 15, na ja layi ƙarƙashinsu. Ko na'ura ka sake? In ka ɗauki na farko, ni zan ɗauki na biyu."

Wata ƙawata da na nuna wa ta ce, "Ke dai kin ji tsoron girmansa ne, kin shafa wa maganar zuma." Zarginta ba na banza ba ne, don mun san irin wannan a gidajenmu: a yi ta kewaye-kewaye saboda kunya da kara, har a tashi ba a faɗi komai ba. Amma akwai ma'aunin da nake gani yana raba ladabi da tsoro. A ɗora saƙonnin biyu, a tambaya: wanne ya fi faɗin laifin? Na farko bai ambaci kuskure ko ɗaya ba. Na biyu ya ambaci 54, da shafi da minti da ranar gamawa. In da tsoro ne, ai lissafin zan rage.

Akwai wurin da na yi ta kai da kawowa, wato tsakanin "ka mai da" da "an mai da". Wannan "an" ɗin tana da daɗi, tana ɓoye mai aiki, shi ya sa muke gudu wurinta in magana ta yi nauyi. Amma mu biyu mun san wanda ya rubuta. In na ce "an", na ɗauke shi kamar yaron da ba zai iya ɗaukar aikin hannunsa ba. Na bar "ka". Cire mutumci daga suka ba ya nufin share mai aikin. Yana nufin ka tsaya kan abin da ya yi, kada ka haura zuwa ko shi wane ne.

Ban ce wannan hanya tana warkar da komai ba. Da a ce sau uku ana nuna masa abu ɗaya yana maimaitawa, dole a yi maganar maimaicin, sai dai ita ma da ranaku da misalai, ba da "kullum" ba. Kuma saƙo mai adalci ba ya hana zafi. Malam ya yi kwana guda bai amsa ba. Da ya amsa, ya ce shafukan ƙarshe a na'urar wani ya buga su, wadda ba ta da haruffan. Sannan ya ƙara da cewa a shafi na 6 ni ce ban ji daidai ba, tsohuwar "suka" ta ce. Na mai da hirar baya na saurara. Shi ke da gaskiya, 22 ne ba 23 ba. Da saƙon farko na aika, babu abin da zai kama ya nuna mini nawa kuskuren.