Wasan Baki a Wurin Sana'a: Ina Raha ta Tsaya, Ina Zance ya Fara?

Musulunci bai hana raha ba. Manzon Allah (SAW) yana wasa da sahabbansa, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. A cikin kasuwa ma ya taɓa kama Zahir, wani baƙauye da yake ƙauna, ta baya yana tsokanarsa. Mu ma da wasanninmu muka taso: taubasai, Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, har ma Gobirawa da masu masaukinmu Yarbawa. Iyakar da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta sa ita ce izgili da laƙabin da mai shi yake ƙi. Wanda ka kira Na-ƙauye ya yi dariya yau, gobe ya ɗaure fuska, to ka bari.

Inda aka fi ruɗewa shi ne wasa tsakanin namiji da mace da aiki ko karatu ya haɗa. A Bodija ko Shasha, Bayarbiya za ta ce wa yaron shagonka “oko mi”, wato mijina, ta juya ta faɗa wa ɗan dako da yaro ɗan shekara bakwai kalmar nan dai. Baƙon da ya sauka daga motar albasa jiya sai ya ɗauka sonsa ake yi, alhali ciniki take nema. Mu ma ai kaka kan ce wa jikarsa “matata” a gaban kowa. Ashe kalmar ba ita ce hujja ba. Abin dubawa shi ne wa ake wa, a ina, kuma a gaban wa.

Mu ɗauki misali. Magidanci yana da rumfar tumatir, kusa da shi akwai yarinya mai POS. Kullum yana tsokanarta cewa caji ya yi yawa, tana rama masa da ruɓaɓɓen tumatirinsa, maƙwabta na dariya, wani lokaci ma su sa baki. Har nan raha ce: da ƙarfi ake yin ta, a kan sana'a take, kuma irinta yake wa mai nama da ke gefe. Bayan 'yan makonni sai zancen ya tashi daga tumatir ya koma kan ita kanta, gyalen da ta yafa, ƙamshin turarenta. Muryar ta ragu, har na kusa ba sa ji. Lambar da aka karɓa don kuɗin da ya maƙale ta koma ta “kin isa gida?” bayan Isha'i. Ranar da ba ta fito ba ya kasa sakewa, ranar da ta yi dariya da wani ya ji haushi. Mai raha ba ya kishi, jama'a.

Awo mafi sauƙi yana cikin hadisin Nawwas ɗan Sam'an a Sahihu Muslim, inda aka bayyana zunubi da abin da ke kai-komo a ƙirjinka kana ƙin mutane su gani. In uwargida ta iso rumfar, wasan zai ci gaba yadda yake, ko kowa zai kama kansa? In mahaifin yarinyar ya karɓi wayarka, akwai saƙon da za ka so ka goge tukuna? Wanda ya fara goge saƙo ya riga ya san amsar, ba ya buƙatar malam.

Sau da yawa kuma mutum ɗaya ne ke zance, ɗayan bai ma sani ba. Yarinyar da ke dariya don kada ta rasa kwastoma, ko don mai tsokanar ubangidanta ne, dariyarta ba yarda ba ce. Ana gane hakan: tana amsawa a taƙaice, ba ta taɓa fara wasan, tana jawo wata ta zauna kusa da ita. “Wasa nake yi” bayan an ɓata mata rai ba ya wanke kowa. Haka 'ya'yanmu da ke aji ɗaya da maza a sakandare. A tambaye su wa ke yawan tsokanarsu, a kuma saurara ba tare da faɗa ba.

'Yar'uwar da ta ga wasa ya sauya launi ta amsa da murya madaidaiciya, wadda aya ta 32 ta Suratul Ahzab ta koyar, ta mayar da maganar kan aiki, a gaban mutane. In bai daina ba ta sanar da waliyyinta ko shugaban layin kasuwa. Wanda kuwa da gaske yake so, ya tambayi gidansu ya tura manya, in nasa suna Arewa ya zo wajen Liman ko mai unguwa su tsaya masa.