Kada Ka Ja Wa Jimlar Nan Jan Biro

Ɗana, kai da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO a Illela, idan ka ci karo da jimlar *Never have I seen it*, kada ka yi mata gyara. Daidai take. Abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne *have* ta riga *I* zuwa, sai kunne ya ji kamar tambaya. Ba tambaya ba ce, aya ake ɗiga mata a ƙarshe.

Tuna lokacin da aka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, manyan motoci suka daina bin hanyar Kwanni. Mai ba da labarin da Turanci zai ce: *I have never seen this road so empty.* Wannan ita ce maganar yau da kullum. In yana so zancen ya yi nauyi, sai ya ɗauko *never* ya kai ta farkon jimla. Da zarar ta zauna can, dole mataimakin aikatau ya tsallako gaban mai aikin: *Never have I seen this road so empty.* Wanda ya rubuta *Never I have seen* ya yi rabin aiki, kuma nan maki ke zubewa.

Kada abin ya ba ka mamaki, mu ma muna da irinsa. Muna cewa "sun zo jiya", amma in muka ja "jiya" gaba don ƙarfafawa, sai ta koma "jiya sunka zo", ko "suka zo" a bakin Bakano. Ba wanda ya koya maka wannan ƙa'idar a aji, amma in wani ya karya ta, kunnenka zai kama shi.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne jimlar da ba ta da mataimaki. Ɗauki *The lorry seldom arrives early.* A nan ba *have*, ba *will*, ba abin da za ka ɗaga gaba. Sai ka aro *does*, ita kuma ta karɓe harafin *s* ɗin nan daga jikin aikatau: *Seldom does the lorry arrive early.* In zancen ya wuce ne, *did* za ka aro, aikatau ya koma siffarsa ta asali. *Never did he came* kuskure ne, *come* ake so.

Haka *rarely*, *hardly* da *no sooner* ke yi. Amma duba da kyau kafin ka juya. A *Hardly anyone came to the market*, kalmar *hardly* manne take da *anyone*, su biyun ne mai aikin, don haka ba a juya komai.

Salon na rubutu ne da jawabi. A insha'i, sau ɗaya ya ishe ka, a wurin da labarin ya kai maƙura.